Yadda ake gane ruwa a gindin huhu a hoton ƙirji

A asibitocin gunduma da yawa a nan arewacin Kamaru, daga Mokolo zuwa Yagwa har Kusiri, wanda ya tura mara lafiya ɗaukar hoton ƙirji shi ne zai karanta abinsa. Likitan hoto yana Garwa ko Marwa, mara lafiya kuwa ga shi a kan benci yana haki. Wannan bayani na ma'aikacin jinya ne da ɗalibin likitanci da suke samun kansu a wannan hali, kuma a kan abu ɗaya zai tsaya: farin da ke cike kusurwar ƙasa ta huhu, samansa a lanƙwashe.

Sai an fara sanin inda ruwan yake kwance. Mutane kan ce wane yana da ruwa a huhu, alhali ruwan nan a wajen huhu yake. Huhu yana lulluɓe da wani siririn tantani, bangon ƙirji daga ciki shi ma yana da irinsa, kuma tsakanin tantanin biyu akwai ɗan danshi da bai wuce mililita 10 zuwa 20 ba, wanda ke sa su zame wa juna idan ana numfashi. Idan cuta ta sa ruwan ya yi yawa, sai ya gangara inda ya fi zurfi. A mutumin da ke tsaye, wurin shi ne kwarin da ke tsakanin haƙarƙari da diyafram, wato naman nan mai doro da ya raba ƙirji da ciki. Kwarin ya fi zurfi ta baya. Wannan ne ya sa hoton gefe yake nuna ruwa tun yana kusan mililita 50, shi kuwa hoton gaba sai ruwan ya kai kusan 200 kafin kusurwar ta fara cikewa. Don haka kusurwa mai tsini a hoton gaba ba ta wanke mara lafiya ba, kuma ɗan farin da kake gani kana rainawa ya riga ya kai cikin kofi.

Kafin ka dubi huhun, dubi hoton

Duba suna da kwanan wata, sannan ka nemi harafin da aka ɗora a gefe. A nan yawanci D ne a dama, G a hagu. Hoton da aka zo da shi daga Mubi ko Yola zai zo da R ko L. Ka kafa hoton yadda daman mara lafiya zai kasance a hannunka na hagu. Idan babu akwatin haske, taga mai hasken rana ta fi fitilar waya, amma ka nemi inda bayan tagar sarari ne, ba ganyen darbejiya ba.

Tambaya ta farko ita ce a tsaye aka ɗauka ko a kwance. Duk abin da zan faɗa game da kusurwa da lanƙwasa, na mutumin da ke tsaye ne ko zaune cur. Iskar da ke tumbi takan ba ka amsa: idan ka ga baƙin kumfa a ƙarƙashin diyafram na hagu, ƙasansa a miƙe, to a tsaye aka ɗauka. Bayan haka ka tabbata kusurwoyin biyu sun shiga cikin hoton. Sau da yawa mai ɗauka yakan yanke ƙasan, musamman a dogon mutum, kuma hoton da ba shi da kusurwa sai dai a sake shi.

Sai jan numfashi. Ɗora yatsa a ƙashin haƙarƙari na farko, ka bi na baya, waɗanda suka fi fitowa a kwance, kana ƙirgawa zuwa ƙasa. Idan ka samu 9 ko 10 a saman diyafram, mara lafiya ya ja iska yadda ya kamata. Idan 7 ka samu, gindin huhun ya cunkushe, zai yi fari-fari, zuciya za ta yi kamar ta kumbura, kusurwoyin kuma su dushe ba tare da ɗigon ruwa ba. Mai ciwon gefe ba ya son jan numfashi, don haka wannan matsala ta fi yawa a kan mutanen da muke zargi da ruwan. Daga ƙarshe ka dubi kawunan ƙasusuwan wuya guda biyu: nisan kowanne daga tsakiyar ƙashin baya ya zama ɗaya. Idan mutum ya karkace, gefe ɗaya zai fi ɗaya fari.

Kusurwar

Fara da gefen da ba ya ciwo, don idonka ya san yadda lafiyayyar kusurwar wannan mutumin take. Bi doron diyafram da yatsa daga gefen zuciya zuwa waje. Zai hau, ya yi doro, ya gangara har ya haɗu da haƙarƙari a wani lungu mai tsini da ke kallon ƙasa, cikinsa baƙi wuluk saboda iska. Diyafram na dama yakan ɗan fi na hagu tudu, da kamar santimita 1 zuwa 2, saboda haka wannan bambanci ba cuta ba ne.

Yanzu koma ɗaya gefen ka yi haka. Idan akwai ruwa, yatsanka ba zai faɗa lungu ba. Kafin ya kai haƙarƙari, layin zai juya ya fara hawa bango. Tsinin ya ɓace, fari ya maye gurbinsa. Farin nan sumul yake, launinsa ɗaya da na zuciya da hanta, ba ka ganin jijiyoyin huhu ko hanyoyin iska a cikinsa. Idan ruwan ya ƙaru zuwa kusan rabin lita, doron diyafram gaba ɗaya yakan nutse, ka rasa inda ƙirji ya ƙare da inda ciki ya fara.

Dalilin lanƙwasar

Nan ne ya kamata a daɗe, don wanda ya gane dalilin lanƙwasar ba zai ruɗe da abin da ya yi kama da ita ba. Saman farin yana ƙasa ta wajen zuciya, yana hawa a hankali yayin da yake nufar hammata, cikin lanƙwasar yana kallon sama. A takardar sakamako za ka ga an kira shi layin Damoiseau, sunan likitan Faransa da ya gano shi ta hanyar ƙwanƙwasa ƙirji, tun kafin a gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a 1895.

Ɗauki ƙaramin kofin shayi na gilashi ka sa shi cikin babba mai ɗan shayi, ka danna. Shayin zai hau ya zagaye ƙaramin kofin. Ka duba ta gefe: a tsakiya shayin ya yi haske, don siririn ruwa ne gaba da baya kawai idonka ya ratsa, amma a gefe biyu ya yi duhu, don can kana kallon ruwan ta tsawonsa. Haka yake a ƙirji. Ruwan ya zagaye gindin huhu, tsayinsa kusan ɗaya gaba da baya da gefe, yana sirancewa yayin da yake hawa. Hasken na'ura yana ratsa siririn ruwan gaba da na baya ba tare da ya bar alama ba, amma a gefen hammata yana bin ruwan ta tsawonsa, sai ya fito fari har sama. Abin da wannan ke koya maka a aikace shi ne ainihin tsayin ruwan yana inda farin ya ƙare a bangon gefe, ba inda ya yi ƙasa a tsakiya ba.

Lanƙwasar tana samuwa ne saboda huhu yana manne da bango, ruwan yana kutsawa tsakaninsu. Da zarar iska ta shiga wurin, lanƙwasar ta tafi. Sai ka ga layi miƙaƙƙe sak daga gefe zuwa gefe, fari a ƙasa, baƙi a sama wanda babu jijiyar huhu a cikinsa. Wannan iska ce da ruwa tare. Ko dai an taɓa huda wurin da allura, ko an ji rauni, ko huhun ya fashe ta ciki, abin da tarin fuka kan yi. Irin wannan ba ya jiran gobe, likita ya gani a ranar.

Abubuwan da ke yaudara

Wanda ya fi kama mutane shi ne tsohon tabo. Mutumin da ya taɓa yin ruwa shekaru da suka wuce, ko da bai sani ba, tantaninsa kan yi kauri ya manne, kusurwar ta kasance a cike har abada. A hoto, tabo yakan hau bango a tsaye, siriri, ba tare da lallausar lanƙwasar nan ba, wani lokaci da ɗigon fari ƙal na ƙashi-ƙashi a jikinsa, haƙarƙarin gefen kuma sun matso juna. Tambayi mara lafiya ko yana da tsohon hoto a gida. Mutanenmu suna adana takardun asibiti cikin leda fiye da yadda ake zato, kuma kusurwar da take haka tun bara ba ta bukatar allura.

Sai limoniya a gindin huhu. Ita ma fari ce, amma farin yana cikin huhun ne, don haka samansa ba shi da kaifi, kuma idan ka matso za ka ga baƙaƙen rassan hanyoyin iska a cikinsa. Sau da yawa su biyun suna tare, limoniya a sama, ruwa a ƙasa. Tsohon mai shan taba ko mai asma kuwa, huhunsa ya cika da iska ya danne diyafram ya shimfiɗe, sai kusurwoyin biyu su buɗe su yi kamar sun cike. Ƙirga haƙarƙarinsa, za ka samu sun wuce 10.

A dama, ka tuna da hanta. Ƙurjin hanta na amiba yana tura diyafram sama, kuma yakan jawo ɗan ruwa a kusurwar. Mai zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wanda ya zabura da ka danna tsakanin haƙarƙarinsa na ƙasa, eko na hanta, wato hoton sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki, yake bukata kafin kowa ya doso shi da allura.

Akwai kuma ruwan da ke ɓuya. Wani lokaci ba ya hawa bango, sai ya kwanta tsakanin gindin huhu da diyafram, ya yi kamar diyafram ne ya tashi. Alamarsa ita ce ƙololuwar doron ta gusa waje wajen hammata maimakon tsakiya. A hagu abin ya fi sauƙi: auna daga saman kumfan tumbi zuwa inda baƙin huhu ya fara, idan ya wuce santimita 2 ka yi zargi. Wanda kuma aka ɗauka a kwance, kamar mai haɗarin babur da ba a iya zaunar da shi ba, ruwan yakan shimfiɗe a bayansa. Babu kusurwa cikakkiya, babu lanƙwasa, sai dai gefe ɗaya ya yi hazo daga sama har ƙasa, jijiyoyin huhu suna bayyane ta cikin hazon. Jini mai yawa yana iya kwanciya haka, hoton ya yi kamar ba komai.

Idan gefe ɗaya ya yi fari fat, babu lanƙwasar da za ka gani, sai ka dubi maƙogwaro da zuciya. Ruwa mai yawa yana ture su zuwa lafiyayyen gefe. Idan an jawo su zuwa gefen farin, huhu ne ya toshe ya motse, kuma allura a nan ba ruwa za ta samu ba.

Sa shi ya motsa

Idan kana shakka tsakanin ruwa da tabo, hujjar ita ce ruwa yana gangara. Inda akwai na'urar eko, ko da ta ɗakin awon ciki ce, ta fi komai: zaunar da mara lafiya, ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari ta baya, nemo hanta a dama ko saifa a hagu, sai farin layin diyafram a samanta. Baƙin fili a saman layin shi ne ruwan, sau da yawa da gefen huhu yana kaɗawa a ciki. Idan ka ga zare-zare sun raba filin gida-gida, ruwan ya fara daskarewa, kuma allura ɗaya ba za ta kwashe shi ba.

Inda babu eko, a kwantar da mara lafiya a kan gefen da ake zargi, a bar shi wasu mintoci, a ɗauki hoton da hasken na'ura a kwance. Ruwa zai bar kusurwar ya shimfiɗe a tsawon bangon da ke ƙasa. Tabo ba ya gusawa. Auna kaurin shimfiɗar: tsohuwar ƙa'ida ita ce idan ta wuce santimita 1, akwai abin da allura za ta samu.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce ga saurayi ɗan shekara 27, mai sayar da albasa a kasuwar Marwa, babansa ya rako shi. Sati uku yana jin suka a gefen dama idan ya ja numfashi, da busasshen tari, zazzaɓin yamma da gumin dare, wandonsa ya fara yi masa yawa. Ka ƙwanƙwasa bayansa: hagu yana amsawa, dama daga ƙasan allon kafaɗa ya yi dum. Ka ɗora tafin hannu ka sa shi magana, ba ka ji rawar muryar a wurin ba. Numfashi ma bai shiga kunnenka ta nan ba.

Ga hoton. D yana hannunka na hagu, kumfan tumbi a miƙe, haƙarƙari 9 a hagu, bai karkace ba. Kusurwar hagu tsini gare ta. A dama diyafram ya ɓace, gefen zuciya na dama ma ya nutse cikin fari sumul wanda ya cinye kusan rabin filin, samansa ya lanƙwashe yana hawa zuwa hammata. Babu rassan iska a ciki. Maƙogwaro ya ɗan gusa hagu. Kada ka tsaya nan. Ɗaga ido zuwa saman huhun biyu, bayan ƙasusuwan wuya, don can tarin fuka yake zama, kuma farin da ke ƙasa yakan ɗauke hankali a manta da shi. A wannan hoton saman a wanke yake. Abin da za ka rubuta: ruwa matsakaici a dama, mai lanƙwasa, ba iska, saman huhu lafiya.

Uban zai tambaya: “Likita, to wane irin ruwa ne?” Amsar gaskiya ita ce: “Baba, hoton ya nuna mana akwai ruwa da inda ya kai, amma sai mun zuƙo kaɗan mun auna za mu san irinsa.” Ruwan ciwon zuciya, mugunya da jini duk fari ɗaya suke yi a hoto. Abin da hoto ke bayarwa alamu ne kawai. Ruwa a gefe biyu tare da babbar zuciya da kumburin ƙafa, musamman a mai jego cikin watannin farko bayan haihuwa, zuciya ake fara zargi, kuma galibi maganin sa fitsari ake fara ba ta a gani kafin a yi maganar allura. Yaro mai zazzaɓi mai zafi bayan limoniya, mugunya ake tsoro, ita kuwa sai an sa roba an fitar da ita. Saurayi irin namu, gefe ɗaya, ciwo na makonni, a wannan yanki tarin fuka ne a gaba har sai an samu wani dalili.

Zuƙon aikin wanda aka koya wa ne, ba a koyonsa a rubuce, amma mai taimakawa ya san abin da ake kiyayewa. Mara lafiya yana zaune ya rungumi bayan kujera. Ana zaɓar wurin da ƙwanƙwasa ko da eko, ba da ƙirgen hoto kaɗai ba, kuma ba a sauka ƙasa da haƙarƙari na 9, don hanta da saifa suna nan kusa. Allura tana bin saman ƙashin haƙarƙari, saboda jijiyoyin jini suna bin ƙasan kowane ƙashi. Don awo, mililita 20 zuwa 50 sun isa. Idan don a sauƙaƙa masa haki ne, ba a wuce lita ɗaya da rabi a zama ɗaya, kuma ana tsayawa da zarar ya fara tari ba ƙaƙƙautawa ko ya ce ƙirjinsa ya ɗaure.

Na saurayin ya fito rawaya garau. Ɗakin awo ya ba da furotin giram 52 a lita, gwajin Rivalta ma ya nuna ruwan mai yawan furotin ne, ƙwayoyin da ke ciki kuma mafi yawansu limfosit ne, wato wani irin fararen ƙwayoyin jini. Furotin da ya haura giram 30 yana nuna tantanin ne da kansa yake ciwo, ba zuciya ko hanta ko ƙoda ne suka sa ruwa ya tsattsafo ba. An sa ruwan a GeneXpert, na'urar gwajin tarin fuka, bai nuna komai ba, kuma nan mutane kan yi kuskure su sallami mara lafiya. Ƙwayoyin tarin fuka kaɗan ne a irin wannan ruwa, don haka gwajin yakan rasa su ko da cutar tana nan. A nemi majinarsa a auna ko da saman huhun ya yi kyau, a yi masa gwajin kanjamau bayan an yi masa bayani, sannan likita ya haɗa shekaru, labarin ciwon da kamannin ruwan ya yanke shawara. Idan ya tsaya a kan tarin fuka, maganin wata 6 ne: magani huɗu a wata biyu na farko, biyu a sauran wata huɗu, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin tarin fuka.

Bayan zuƙo, idan iska ta shiga sirinji, ko haki ya ƙaru, ko sabon ciwo ya taso, a sake hoto a nemi miƙaƙƙen layin nan. In ba haka ba, sake hoto kowane sati ɓarnar kuɗin mara lafiya ne. Zazzaɓi yakan sauka cikin makonnin farko na magani, ruwan kuwa yakan ɗauki makonni shida zuwa wata uku kafin ya janye, wani lokaci ma ya ɗan ƙaru da farko ba don maganin ya gaza ba. A hoton ƙarshen magani, da yawa za ka tarar kusurwar dama ba ta dawo da tsininta ba. Rubuta wannan a katinsa tare da kwanan wata, ka ce masa ya riƙe hoton ya riƙa zuwa da shi duk asibitin da zai je.